Idan bayanin ƙamus ya fi kalmar da aka nema wuya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karanta wani rubutu a kan sana'o'in gargajiya sai na ci karo da "zare ya ƙare a kwarkwaro". Na duba kwarkwaro a ƙamus na Hausa zalla, ya ce mini wani abu kamar haka: ɗan sillen da ake naɗa abawa a jikinsa a sa cikin ƙoshiya. Ban san sille ba, ban san abawa ba, ƙoshiyar da na sani kuwa ta kwasar abinci ce. Na shiga da kalma ɗaya na fito da uku. Yaya ake yi da irin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka fara buɗe shafin wata kalma tukuna. Tsaya a kan layin da ka samu, domin ya riga ya ba ka fiye da rabin abin da kake nema, sai dai baƙin kalmomin sun ɗauke maka hankali daga waɗanda ka sani.

Rufe kalmomin nan uku da yatsa ka karanta abin da ya rage. Za ka ga: ɗan wani abu, da ake naɗa wani abu a jikinsa, a sa shi cikin wani abu. Kalmar "ɗan" ta gaya maka ƙarami ne. "Naɗa" ta gaya maka abin da ake sa masa dogo ne mai lanƙwasuwa, irin zare ko igiya ko tsumma, domin ba a naɗa ruwa, ba a naɗa dutse. "A jikinsa" ta nuna shi kansa siriri ne mai ɗan tsawo, wanda za a iya kewayawa. "Cikin" ta nuna abu na ukun yana da rami ko ciki, kuma ya fi shi girma. To haɗa wannan da jimlar da ka taso da ita, wadda ta ce zare ya ƙare. Ka ga tun kafin ka juya shafi ka san abawa wani irin zare ne, ka kuma san kwarkwaro ɗan abin da zare ke naɗe a kansa ne. Aikatau da 'yan ƙananan kalmomin da ke cikin bayani su ne suka fi riƙe ma'ana, kuma kusan kullum su ne masu sauƙi. Masu karatu da yawa tsallake su suke yi, idonsu na kan sunaye masu wuya kawai.

Bayan wannan sai ka zaɓi wadda za ka bi. Bayanin suna a ƙamus yawanci gida biyu ne. Akwai kalmar da ke faɗin ko wane irin abu ne, ita ce takan zo a farko: wani irin tsuntsu, wata irin cuta, ɗan sille. Sauran layin aikinsa rarrabe wannan abin daga 'yan'uwansa. Kalmar farkon nan ita ce uwar bayani, kuma ita ake fara bi, domin in ka kuskure ta komai ya karkace. A naka misalin uwar ita ce sille. Ka duba, za ka tarar sille shi ne siririn ɓangaren nan na saman karan dawa ko gero. An gama da ita a taki ɗaya, tun da kara ba baƙonka ba ne.

Abawa ba sai ka wahala a kanta ba. Ka riga ka san zare ce. In ka duba za ka ƙara sanin cewa zaren auduga ne mai kauri wanda ba a murza shi sosai ba wajen kaɗi, kuma shi ake gittawa a saƙa. Wannan ƙari ne mai amfani, amma ko ba shi jimlarka ta fito. Ina so ka lura da wannan bambanci sosai: akwai kalmar da rashin saninta ke hana fahimta, akwai wadda rashin saninta ke rage ɗan armashi kawai. Ta biyun kana iya ɗaga mata ƙafa sai wani lokaci.

Ƙoshiya ce mai haɗari, kuma haɗarinta ya fi na sauran biyun domin ka santa. Kalmar da ba ka sani ba za ta tura ka dubawa. Wadda ka sani da wata ma'ana dabam kuwa sai ta bar ka ka wuce da kuskure a hannu, ko ta ruɗe ka kamar yadda ta yi maka. Alamar da ke nuna ka faɗa wannan rami ita ce hoton da ke zuwa zuciyarka ya ƙi haɗuwa: me zai kai zare cikin abin kwasar abinci? Duk lokacin da bayani ya ba ka hoto marar kan gado, zargi kalmar da kake ganin ka sani. Koma ka buɗe ta, kuma kada ka tsaya a ma'ana ta ɗaya, karanta har ƙarshen shigarwar, wato duk abin da aka rubuta a ƙarƙashin kalmar. Za ka tarar ƙoshiya tana da ma'ana ta biyu a wurin masaƙa: ɗan itacen nan da aka sassaƙa kamar ƙaramin kwalekwale, mai rami a tsakiya, wanda masaƙi ke jefawa daga wannan hannu zuwa wancan ta tsakanin zarurrukan da aka miƙe. Kwarkwaro a cikin ramin yake zama, yana juyawa, zaren yana warwaruwa a duk jifa. Kalmomin "zare" da "naɗa" su ne suka zaɓar maka ma'ana ta biyu suka yar da ta farko. Haka ake yi kullum, maƙwabtan kalma su ke nuna wace ma'anarta ake nufi.

Yanzu sai gwaji na ƙarshe, wanda ba na yarda ɗalibi ya bari. Sake faɗin bayanin da bakinka, da kalmomin da kake magana da su, sannan ka ɗauke shi ka dasa a gurbin kalmar cikin jimlar da ka taso da ita. Zare ya ƙare a ɗan karan da ke juyawa cikin abin da masaƙi ke jefawa. Jimlar ta zauna daram, kuma har ta gaya maka abin da zai biyo baya: dole masaƙi ya tsaya ya sa wani. In da ka dasa ta ƙi zama, to wani wuri ka ɗauki ma'anar da ba ita ba. Ka lura buɗawa biyu kawai ka yi wadda ta zama dole, sille da ƙoshiya.

Wannan ya kawo mu ga iyaka. Ni dokar da nake bi, kuma nake koya wa ɗalibai, ita ce taki biyu. Kalmar da ka nema tana kai ka ga wata, wannan taki ɗaya. Bayanin waccan ya kai ka ga wata, taki biyu. In a nan ma ka sake cin karo da baƙuwar kalma a gurbin uwar bayani, dakata. Dalili kuwa shi ne kowane bayani yana iya haifar da baƙi biyu ko uku, to in kana bin kowanne, uku za su zama tara, tara su zama ashirin da bakwai, kafin nan ka manta ma jimlar da ta kawo ka. Kuma isa taki na uku ba tare da haske ba yana nuna wani abu: matsalarka ta wuce ta kalma, abin ne kansa ba ka taɓa gani ba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban masaƙa ko mai kaɗi ba, in ya shiga bin allira da mazari da gululu ta cikin ƙamus, kowace za ta miƙa shi ga 'yar'uwarta, domin kayan sana'a ɗaya da junansu ake bayyana su. Minti biyar a gaban mai sana'ar, ko hoto guda mai kyau, zai warware goma daga cikinsu a lokaci ɗaya. Haka abin yake ga kayan doki, da na ƙira, da na rini, da sunayen itatuwa da ciyayi.

Kana iya tambaya, me ya sa mai ƙamus bai sauƙaƙa ba tun farko? Akwai uzuri, akwai kuma inda nake ganin gyara ya kamata. Uzurin shi ne wuri. "Ƙoshiya" kalma ɗaya ce, in za a warware ta sai an kashe kalmomi goma sha, kuma littafin da ke ɗauke da dubban kalmomi ba zai iya yin haka a kowane layi ba. Sannan wuya da sauƙi ya danganta da mai karatu. Dattijon da ya tashi a gidan da ake kaɗi, abawa a wurinsa kamar ruwa take, bai ma san zai ruɗa wani da ita ba. Akwai kuma tarihin aikin. Shekaru aru-aru ƙamusoshin Hausa masu harshe biyu ne, tun daga na Schön a 1876, zuwa babban ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham da ya biyo baya. A irin waɗannan, ana ɗaukar kalmar Hausa ne a ba ta takwararta a wani harshe. Bayyana Hausa da Hausa gwaninta ce dabam, kuma babban aikin da aka sani a wannan fanni, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, sai a 2006 ya fito daga Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya. Aiki ne da bai daɗe da kafuwa ba. A wasu harsunan an yi dabarar keɓe kalmomin bayani: ƙamusun Longman na masu koyon Ingilishi, wanda ya fara fitowa a 1978, ya ɗaure kansa da kalmomi kusan 2,000 waɗanda da su kaɗai yake bayyana sauran. Ina da yaƙinin Hausa na buƙatar irin wannan, musamman domin yaran birni da masu koyon harshen, kuma ba abin da zai hana a yi. Kafin a yi, mai karatu ne zai riƙa warwarewa da kansa.

Akwai wani nau'in wahalar da dabarar rufe kalma ba ta yi masa magani, kuma shi ya fi cin rai. Shi ne inda bayanin ba jimla ba ce, jerin takwarori ne kawai. Ka ɗauka ka nemi juyayi aka ce maka alhini, jimami. Ka nemi alhini aka ce jimami, juyayi. Ka nemi jimami aka dawo da kai inda ka fito. A nan babu aikatau da zai taimake ka, babu uwar bayani, kewaye kawai kake yi. Kalmomin halin zuciya da na ɗabi'a su suka fi shiga wannan tarko. Da zarar ka ga kalmar da ka fara da ita ta sake bayyana, bar bin sawu, ba sabon abin da za ka samu. Amma ba ka tashi a banza ba: ka san ukun nan gida ɗaya suke, kuma in ka san ko da ɗaya daga cikin jerin, ka san unguwar da ma'anar take, wato damuwar zuciya. Abin da ya rage shi ne bambancinsu, shi kuwa a jimlolin misali yake ɓoye. Karanta misalin da ke ƙarƙashin kowace, ka dubi abin da ake jingina ta da shi. Za ka ji ana cewa ana alhinin rasuwar wane, ana jimamin abin da ya faru, duka a kan abin da ya riga ya auku. Amma mutum yana iya cewa yana juyayin tafiyar da zai yi gobe, wato abin bai zo ba tukuna, zuciya ce ke ta juya shi. Jerin takwarori ba zai taɓa nuna maka wannan ba. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga ɗalibi ya kwafe ma'ana ya bar misali, alhali sau da yawa misalin ne ya fi daraja a duk shigarwar.

Wani lokaci kuma takwarar da aka ba ka ba wuya gare ta ba, ta wani gari ce. Daidaitacciyar Hausa a kan karin harshen Kano aka fi gina ta, saboda haka mutumin Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi zai iya neman kalmar da ta saba masa a tura shi ga siffar da ba ita yake furtawa ba, haka shi ma Bakano in ya nemi kalmar yamma. Kafin ka yanke cewa baƙuwa ce, furta ta da ƙarfi ka gwada sauye-sauyen da aka sani: zauna da zamna, aure da amre ko arme, sauro da sabro, tafi da tahi, wuƙa da yuƙa. Sau da yawa kunne yana gane abin da ido ya kasa. Furtawar tana da wani amfanin ma. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, to kalmar da ke cikin bayani tana iya zama ɗaya daga biyu ko uku masu rubutu iri ɗaya. Kuka na itace da kuka na hawaye, gashi na kai da gashi na nama, fari na launi da fari na rashin ruwa da fari na farko. A kan kalmar shigarwa ƙamus yakan sa alamomin, amma a cikin layin bayani ba lalle ya sa ba. In ka je dubawa ka ga kalmar ta fito sau biyu ko uku a jere, karanta dukkansu kafin ka zaɓa.

Sai wata matsala da nake yawan gani: mutum ya ce ya nemi kalmar da ke cikin bayani bai same ta ba sam, har ya fara zargin littafin. Galibi tana nan, sai dai ba da rigar da ya gan ta ba. Mai rubuta bayani da cikakkiyar Hausa yake rubutawa, da jam'i da ninki da ɗafe-ɗafe, ƙamus kuwa da siffar asali yake jera kalmomi. In ka ga "kaɗaɗɗen zare", kaɗa za ka nema. In ka ga "nannaɗe", koma ga naɗa. In ka ga kalma ta fara da ma-, tuɓe shi ka ga me ya rage, domin ko dai mai yin aikin ne, ko wurin yinsa, ko abin yinsa: masaƙi da masaƙa duka daga saƙa suke. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne baƙin ƙarshe yakan sauya idan wasalin i ko e ya biyo shi. T takan koma c, kamar sata da sace. S takan koma sh, kamar fansa da fanshi. Z takan koma j, kamar ciza da ciji. Saboda haka in bayani ya ambaci magurji, kada ka tsaya neman "gurja", gurza ce tushen, magurji kuwa abin da ake gurzawa da shi. Ka kuma tuna ƙ harafi ne dabam da k, haka ɗ da d, da ɓ da b. Wanda ya nemi ƙoshiya a ƙarƙashin k mara lanƙwasa zai iya wuce ta. Ƙamusoshi sun bambanta a yadda suke jera waɗannan haruffa da kuma sh da ts, gabatarwar littafinka za ta gaya maka tsarin da ya bi.

Gabatarwar nan, don Allah, karanta ta sau ɗaya a natse. Wasu daga cikin kalmomin da ke firgita mai karatu ba sa cikin ma'anar ma, alamun nahawu ne da aka taƙaita: tilo, jam'i, namiji, tamata, sifa, aikatau, bayanau, amsa-kama. Ba su kai yawan da za su gagare ka ba, kuma suna rage maka aiki. In aka ce kalma amsa-kama ce, irin su fat ko wur ko tsit, ka san ba abu za ka nema a zuciyarka ba, kalmar da take rakiya za ka nema, fari fat, ja wur, shiru tsit.

Game da komawa ga ƙamus mai harshe biyu, ban ga laifi ba in kana jin harshen, kuma Bargery yana da arziki ƙwarai a kalmomin sana'o'i da na karin harsuna, ga shi ana iya bincika shi a intanet. Sharaɗina guda: ka fara gwada warwarewa da Hausar, ka yi hasashenka, sannan ka je can domin tabbatarwa. In ka fara da can, za ka sami kalmar wani harshe ka riƙe, amma sille da abawa da ƙoshiya, waɗanda bayanin Hausar ya kawo maka kyauta, za su wuce ka. Ka kuma yi la'akari da shekarunsa, tun 1934 wasu kalmomi sun sauya ma'ana wasu sun ƙaro sababbi.

In kuwa ka kai ga tambayar mutum, yadda ka yi tambayar shi ke yanke abin da za ka samu. Ka ce wa tsoho "mene ne ma'anar abawa", zai iya ce maka "ai abawa ita ce abawa", ko ya ba ka wata kalmar da ta fi ta wuya, kamar yadda littafin ya yi. Ce masa: Baba, da me ake yin ta, wa ke yin ta, ina ake sa ta, me ya raba ta da sauran zare? Nan bakinsa zai buɗe. Ka rubuta amsar da kalmominka a littafi na dabam, kalma a sama, jimlar da ka same ta a ciki a ƙasa, sannan bayaninka. Shafi ɗaya ga sana'a ɗaya, domin kwarkwaro da ƙoshiya da abawa su zauna wuri guda kamar yadda suke zaune a gaban masaƙi. Tun da rubutun da kake karantawa na sana'o'i ne, ka bar sarari a ƙasan shafin saƙa, allira da mazari suna nan tafe a shafukan gaba.